Ka Kira Mai Saye, Ka Ɓoye Masa Ƙofa

Alhaji, yau da kai nake, kai da ke kukan babu kasuwa a intanet. Ka biya an gina maka shafi, ka biya an ɗauki kayanka hoto mai kyau, ka biya an watsa tallarka a Facebook da Instagram, sannan ka zauna kana jiran waya ta yi ƙara, shiru kake ji. Ka zagi tattalin arziki, ka ce mutanenmu kallo kawai suka iya, har ka fara zargin ko baki ne ya kama shagon. Abu guda ne ba ka yi ba. Ba ka taɓa karɓar wayar wani ka shiga shafinka a matsayin baƙo, ka gwada yi wa kanka magana ba. Laifi tudu ne, ka take naka kana hangen na wani. Mutane suna zuwa, suna ganin kayan, wasu har sun yanke shawarar saye, amma hanyar da za su bi su ce maka "nawa ne?" ka cika ta da ƙaya, kuma kai da hannunka ka zuba.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kana da shago a Kantin Kwari, kana sayar da atamfa da leshi da shadda. Wata baiwar Allah a Abuja, ko a Maraɗi, tana kwance bayan sallar isha'i tana duba waya, sai ta ci karo da hoton wata atamfa taka, ta yi mata. Bikin ƙanwarta ya matso, tana neman abin da za a fitar na anko. Wannan ba 'yar kallo ba ce, kuɗi na hannunta. To me ka tanadar mata? Lambar wayarka, wadda mai zane ya rubuta a jikin hoton da ƙananan haruffa masu ruwan zinariya. Lambar da ke jikin hoto ba ta dannuwa, ba ta kwafuwa. Dole ta haddace lambobi goma sha ɗaya, ko ta tashi neman biro, ko ta riƙa fita tana dawowa tana kwashe huɗu-huɗu. Daga nan ta buɗe WhatsApp, ta shigar da lambar ko ta adana ta da wani suna, ta nemo ka, ta koma ta ɗauko hoton atamfar, ta turo, ta rubuta tambaya. Duk wannan da hannu ɗaya, wataƙila da yaro a ɗaya hannun. A ko'ina cikin wannan doguwar hanya saƙon wata ƙawa zai iya shigowa, ko hoton atamfar maƙwabcinka ya bayyana da maɓallin da ake dannawa sau ɗaya. Ta tafi ke nan, kuma ba za ka taɓa sanin ta zo ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin wannan kyauta ne. WhatsApp da kansa ya tanadi linkin da ke buɗe hira da kai kai tsaye, ba tare da mutum ya adana lambarka ba. Ga yadda ake rubuta shi ga lambar Najeriya da ta fara da 080, inda kowane X yake madadin lamba ɗaya:

```
https://wa.me/23480XXXXXXXX
```

Ƙa'idar gajeriya ce. A fara da lambar ƙasa, a jefar da sifilin farko, kada a sa alamar tarawa, kada a bar tazara, kada a sa baka ko karan ɗori. Lambar Najeriya tana da lambobi 11. Idan aka cire sifili saura 10, aka ɗora 234 a gaba suka zama 13. Ƙirga naka. Idan ka samu 14, sifilin ya maƙale a tsakiya, cire shi. Idan ka samu 11, mai aikinka ya kwafe lambar yadda take a jikin allon shago, kuma babu ƙasar da lambarta ta fara da sifili. Akwai kuma mai rabin ilimi, wanda ya ji an ce a cire sifili, ya cire, amma ya manta da 234. Shi wannan ya fi ban dariya, domin WhatsApp zai karanta farkon lambar a matsayin lambar ƙasa: layin da ya fara da 081 ya koma 81, wato Japan, na 090 ya koma Turkiyya, na 091 ya koma Indiya, na 070 ya nufi Rasha. Hajiyar Abuja ta danna, maimakon ta gan ka sai ta ga saƙo irin wannan:

```
Phone number shared via url is invalid.
```

Ba za ta ce mai gina shafi ya yi kuskure ba. Cewa za ta yi ɗan damfara ne, ta gode wa Allah da ya tsare ta.

'Yan uwanmu na Nijar nasu ya fi sauƙi, tunda lambarsu takwas ce ba ta da sifilin da ake cirewa, 227 kawai za a sa a gaba. Na Ghana kuwa irin na Najeriya ne, a cire sifili a sa 233. Na kawo wannan ne domin ɗan kasuwar Kano ya san wasu kayan nasa ƙetare iyaka suke yi. Lambar da ka rubuta da 080 a gaba, mutumin Damagaram ba zai same ka da ita ba sai ya san abin da zai cire da abin da zai ƙara. Linkin da aka rubuta daidai kuwa ba ruwansa da inda mai dannawa yake.

A kula da wani tarko a nan. Maɓallin kiran waya tsarinsa daban ne, shi yana son alamar tarawar da WhatsApp ba ya so:

```
tel:+23480XXXXXXXX
```

Masu gina shafi da yawa suna kwafe lambar daga wannan su liƙa a wancan, ko daga wancan su liƙa a wannan, su wuce ba su gwada ba.

To, a ce linkin ya yi aiki, hira ta buɗe. Har yanzu da sauran aiki, kuma a nan ne masu ganin sun waye suke faɗuwa. Hira ta buɗe fayau, babu komai a ciki. Hajiya ta rubuta "Slm", kai kuma bayan wani lokaci ka amsa, ta ce tana son atamfar nan, ka ce wacce, ta ce mai ruwan goro ɗin nan da ka sa, kai kuwa masu ruwan goro bakwai ka sa a makon. Ta koma neman hoto, ka koma hidimar mai saye da ke gabanka, aka yi ta jan magana har gari ya waye ba a kai ga farashi ba. Alhali linkin yana iya ɗaukar saƙo a jikinsa, ya ajiye mata shi a wurin rubutu, ita dai ta danna ta tura. Ka ba kowane kaya lamba, ka sa lambar a cikin saƙon:

```
https://wa.me/23480XXXXXXXX?text=Salamu%20alaikum%2C%20ina%20son%20atamfa%20A17
```

Abin da za ta gani a wayarta shi ne "Salamu alaikum, ina son atamfa A17". Wannan `%20` tazara ce tsakanin kalmomi, `%2C` kuma waƙafi ne, domin linki ba ya ɗaukar tazara yadda take. Da saƙon ya shigo, yaron shagonka ya san kayan da ake nufi, ya duba ko akwai, ya faɗi farashin yadi shida da kuɗin sawa a mota, magana ta ƙare cikin saƙo biyu ko uku. Ka kuma ɗauke mata nauyin nan na rasa yadda za ta fara yi wa baƙo magana, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mata da yawa.

Nan ma akwai inda ake tuntuɓe. Idan ka sa alamar `&` a cikin saƙon yadda take, duk abin da ya biyo bayanta yankewa zai yi, haka ma alamar `#`. Wanda ya rubuta lambar kayansa da `#A17` zai riƙa samun saƙo cewa "ina son atamfa", lambar da ita ce dalilin yin aikin ta ɓace a hanya. Dole a mayar da su `%26` da `%23`. Haruffanmu masu lanƙwasa su ma suna da nasu: ƙ tana zama `%C6%99`, ɗ tana zama `%C9%97`, ɓ kuma `%C9%93`. Ba na cewa ka haddace waɗannan, Alhaji. Mai gina shafinka yana da umarnin `encodeURIComponent` da ke yin wannan aiki cikin ƙiftawar ido, in dai ya damu ya yi. In kuwa ba ka da mai gina shafi, WhatsApp Business, wanda ya fito tun Janairun 2018, yana ba ka gajeren linki a cikin kayan aikinsa, da wurin rubuta saƙon farko, ba sai ka taɓa ko alama ɗaya ba. Iyakarsa dai saƙo guda ne ga kowa, ba zai bambance A17 da A18 ba.

Ka kuma san iyakar dabarar. Saƙon ba ya tura kansa. Sai ta danna da yatsanta, kuma tana iya goge shi. Saboda haka kada ka cika shi da surutu, kada ka sa mata magana a baki irin "na amince zan biya yanzu". Wadda ta zo tambaya ta ga an rubuta mata alkawari, ja da baya za ta yi. Sallama, sunan kaya, lambarsa, shi ke nan.

Yanzu mu zo ga inda ka ajiye maɓallin, domin linki mai kyau da aka binne bai fi wanda ya karye amfani ba. Shiga shafinka da waya ka gani. Farko hoton shago ya cika allo. A ƙasa tarihin kamfani, da manufarmu, da burinmu, da hotonka cikin babbar riga. Sai an ja, an ja, an ja, kafin a ƙarshen ƙarshe a ga wani ɗan rubutu `Contact Us`, a danna, a jira wani shafi ya buɗe, a tarar da fom. Ka taɓa ganin ɗan Kwari ya baje kaya a bakin layi, mai saye ya tsaya ya ɗaga atamfa yana juyawa, sai a ce masa mai shagon yana hawa na uku, ya hau ya cike takarda za a neme shi? Ba ka yi wa kowa haka a kasuwa, ka san kafin ya juya maƙwabci ya ja hannunsa. Me ya sa kake ganin a waya mutum zai fi haƙuri?

Wurin maɓalli shi ne wurin da tambaya take tasowa a zuciyar mai saye, kuma wuraren ba su da yawa. Na farko allon da ya fara buɗewa, kafin a ja ko kaɗan: a ga abin da kake sayarwa, a ga garin da kake, a ga maɓallin magana. Ka tuna faɗin allon yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu bai wuce kusan fiksil 360 a ma'aunin shafi ba, don haka abin da ya zauna daram a kwamfutar mai gina shafi yana iya gangarawa can ƙasa a waya. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci ga mai atamfa, ƙarƙashin kowane kaya, dab da farashinsa. A nan ne Hajiya take tsayawa, a nan take son tambayar ko akwai guda ashirin iri ɗaya na anko, a nan ya kamata maɓallin da ke ɗauke da A17 ya kasance. Na uku bayan bayanin yadda ake biya da yadda ake aika kaya, domin wanda ya karanta har nan ya riga ya kusa.

Akwai kuma koren maɓallin nan mai shawagi a kusurwar ƙasa, wanda ke bin mutum duk inda ya ja. Ba ni da faɗa da shi, wurin da yake babban yatsa na isa gare shi cikin sauƙi. Wani mai bincike, Steven Hoober, ya lura da yadda mutane ke riƙe waya a 2013, ya tarar kusan rabinsu da hannu ɗaya suke aiki da ita. Faɗana da wanda ya dasa shi bai duba abin da ya danne ba. Sau da yawa yana zaune ne a kan farashi, ko a kan maɓallin biyan kuɗi, ko a kan layin ƙarshe na adireshi. A bar masa fili a ƙasan shafi. Sannan shi saƙo guda yake ɗauka, bai san kayan da ake kallo ba sai an koya masa, don haka ba zai maye gurbin na ƙarƙashin kaya ba.

Girma ma ba abin wasa ba ne. Apple ya ce wurin dannawa kada ya gaza 44 a tsawo da faɗi a ma'auninsa, Google ya ce 48, da 'yar tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Wannan kusan faɗin kan yatsa ne. Kai kuma ka jera ƙananan tambura bakwai kamar ƙwayar gero, Facebook, Instagram, TikTok, X, Telegram, imel, WhatsApp, duk girma ɗaya, duk launi ɗaya, a manne da juna. Dattijon da idonsa ya fara rauni ya nufi WhatsApp ya faɗa TikTok, daga nan kuma sai wani ikon Allah. Biyar daga cikin bakwai ɗin ma ba ka buɗe su ba tun azumin bara. Don me za ka nuna wa mutum hanyar da ba kowa a ƙarshenta? Zaɓi guda wadda kake amsawa da gaske, ka ba ta girma da launi. Ka ajiye ta biyu a gefenta ba tare da hayaniya ba, kuma ga mai sayar wa 'yan kasuwa da dattawa ta biyun kira ce, domin akwai mai son jin muryarka kafin ya tura ko sisi. Sauran su koma ƙasan shafi.

Rubutun jikin maɓallin kuma ya faɗi abin da zai faru in an danna. `Submit` da `Click here` ba su gaya wa kowa komai ba. In da Hausa kake ciniki a shago, me ya hana maɓallin yin Hausa? "Tambayi wannan atamfa a WhatsApp." "Kira shago yanzu." Mutum ya san inda za a kai shi, ba ya fargabar ko dannawar nan za ta cire masa kuɗi.

Fom ɗin nan naka kuwa, gara mu yi maganarsa a fili. Suna, sunan mahaifi, imel, sake rubuta imel, jiha, ƙaramar hukuma, yadda ka ji labarinmu, sannan a zaɓo hotunan da ke da fitilar hanya. Duk don a tambayi farashin shadda yadi biyar. Da yawa cikin masu sayenka an buɗe musu imel ne ranar da suka sayi waya, ba su sake leƙa shi ba. Kai kanka yaushe rabonka da akwatin da fom ɗin yake zubawa? In dole sai an yi fom, saboda masu sarin da ke son rubutaccen lissafi, gida uku ya isa: suna, lambar waya, abin da ake so. Haka nan tagar da ke faɗowa ta rufe allo tun mutum bai ga komai ba, tana neman ya yi rajista. Tun Janairun 2017 Google ya fara rage darajar shafukan waya masu irin wannan a sakamakon bincike, amma ko ba don Google ba, rashin ladabi ne ka tare baƙo da buƙata tun bai zauna ba.

Ke kuma Hajiya mai sayarwa a Instagram, kada ki ce wannan faɗan na masu shafi ne. Linkin da kike liƙawa a rubutun ƙasan hoto ba ya dannuwa, Instagram bai ba da wannan dama a nan ba, rubutu ne kawai a kwance. Wuraren da yake dannuwa su ne bayanin kanki na saman shafi, inda tun 2023 ake iya sa har guda biyar, da sitikar linki a `Story`, wadda aka buɗe wa kowa a 2021, da maɓallin WhatsApp da ake haɗa wa asusun kasuwanci. Ki sa na WhatsApp a farko, ki kuma rage tsani. Wata sai an danna linkin sama, ya kai mutum wani shafi mai jerin linki goma, a zaɓi ɗaya, ya buɗe wani, sannan a iso. Kowane mataki jira ne, kuma kowane jira data yake ci a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Wata kuma ta ɗora hoton lambar QR a `Status`, tana jiran a yi mata magana. Wanda ke kallo da waya ɗaya a hannu, da me zai haska allon da yake riƙe da shi? Sai ya adana hoton ya bi wata doguwar hanya, in ma ya san ta. Wurin QR jikin leda ne, da kati, da rasit, da allon shago, inda yake a takarda waya kuma tana hannu.

Sai "a zo inbos a ji farashi". Na san hujjar, ba kya so masu gasa da ke su gani, kuma kuɗin kaya na canzawa kullum. Masu gasa da ke sun riga sun sani, ƙanwarsu suka sa ta tambaye ki. Abin da ɓoye farashi yake jawo miki shi ne tulin saƙon "nawa?" daga waɗanda da sun ga kuɗin da sun wuce, har mai saye na gaske ya nutse a cikinsu, ga kuma mai kunyar tambaya da ta yi shiru ta tafi. In farashi na motsi, ki rubuta daga nawa yake farawa. Maɓallin hira na kammala ciniki ne.

Duk wannan gyara banza ne idan babu mutum a bayan maɓallin. Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. A 2011 mujallar Harvard Business Review ta buga wani bincike da aka aika wa kamfanonin Amurka 2,241 tambayar gwaji ta intanet: kashi 37 cikin ɗari ne suka amsa cikin sa'a guda, kashi 23 kuwa ba su taɓa amsawa ba. Ban kawo wannan don ka samu abokan laifi ba. Na kawo ne don ka ga cewa wanda ya amsa da wuri ya riga ya wuce mafi yawan abokan gasarsa tun bai rage ko kwabo ba. Hajiyar Abuja da dare ta rubuto, kuma ba kai kaɗai ta rubuta wa ba. Ba wanda ya ce ka hana idonka barci, amma WhatsApp Business yana da `Away message` da ke amsawa in an tashi, yana da `Greeting message` na tarbar sabon mai magana, yana da `Quick replies` na amsoshin da kake maimaitawa kullum, irin kuɗin aikawa da ranar da mota ke tashi. Ka rubuta gaskiya a ciki: mun tashi, muna buɗewa ƙarfe tara, za mu amsa kafin goma. Sannan ka cika. Kada ka bar wani ɗan akwati a shafinka yana cewa kuna nan yanzu da ƙarfe biyun dare, alhali kowa na minshari. Wanda ka fara da yi masa ƙaramar ƙarya ba zai tura maka kuɗin turmi ashirin ba.

Ka kuma duba lambar wa ke cikin linkin. Sau nawa ake sa layin yaron shago, saboda shi ya iya waya, bayan shekara ya samu jari ya buɗe nasa, ya tafi da layinsa? Tun daga ranar tallar da kake biya shi take yi wa aiki. Layin kasuwanci ya zama na shago, da sunanka aka yi masa rajista, wayar tana kwana a hannunka. In kana son yara su taya ka amsawa, ana iya haɗa wasu na'urori har huɗu da asusun ta `Linked devices`, ranar da wani ya bar aiki ka cire tasa.

Yi lissafin da kanka. A ce ka kashe naira 20,000 a talla, mutum 400 suka danna suka shigo. Kowane ɗaya naira 50 ka saye shi. In linkinka Japan ya nufa, ka sayi mutum 400 ka zubar. Kuma kana iya gane inda ciwon yake ba tare da wani masani ba. Talla ta nuna an shigo da yawa amma ba a danna maɓalli ba, to maɓallin ya ɓuya, ko kaya da farashi ba su gamsar ba. An danna da yawa amma saƙo bai iso ba, to linkin ya karye, ko saƙon da ka sa a bakinsu ya kore su. Saƙo na isowa amma ba ciniki, to matsalar amsarka ce. Kana ma iya bambanta sallamar, na Instagram ya ce "na gani a Instagram", na shafi ya ce "na gani a shafinku", ƙarshen wata ka ƙirga ka san wace talla ce ke kawo mutane, wacce ce ke cin kuɗinka a banza.

Kai ma malam mai gina shafi, ba ka tsira ba, kasonka ma ya fi girma, domin Alhaji bai sani ba, kai ka sani. Ka karɓi kuɗinsa, ka ɗauko wani tsari da aka yi wa kamfanin wata ƙasa, ka canza hotuna, ka bar fom ɗin da ba wanda zai cike, ka ɗora wani akwatin hira mai nauyi da ke sa shafi jan ƙafa a ƙaramar waya. Ka gwada a kwamfutarka da intanet ɗin ofis, ka ga ya yi kyau, ka nuna masa a babban allo ya ce madalla. Ba ka danna linkin ko sau ɗaya daga wayar da ba ta da lambarsa ba. Aikin minti biyar ne ka ƙi yi, mutumin ya yi wata shida yana asara yana zargin mahassada. Wannan cin amana ne, ko da ba da niyya ka yi ba.

Alhaji, kafin ka sake biyan ko naira ɗaya ta talla, ari wayar wani wanda bai taɓa adana lambarka ba, ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, a kan datarsa ba intanet ɗin gidanka ba. Miƙa masa, ka ce ya nemo atamfa A17 ya tambaye ka kuɗinta, kai kuma ka kama bakinka, kada ka nuna masa komai. Ƙirga sau nawa ya danna daga ganin kayan zuwa shigowar saƙo wayarka. In ya wuce uku, ko ya ɗago kai ya ce "ina zan taɓa?", dakatar da tallar, kira mai gina shafinka yau, kada ka cika masa ragowar kuɗinsa sai ya gyara a gabanka.